Tambayar gwaji kan PESTEL da amsarta: kamfanin shinkafa a Sharaɗa

Tambaya (maki 20). Wani kamfanin sarrafa shinkafa da ke Sharaɗa a Kano yana sayen shanshera daga manoman Kura da Garun Malam, ya gyara, ya sayar wa dillalan kasuwar Singa. Manajansa ya ce waɗannan ne suka fi shafar kamfanin: rufe iyakokin ƙasa, cire tallafin fetur, faɗuwar darajar naira, ƙarin kuɗin lantarki, sabon mafi ƙarancin albashi, rajistar NAFDAC, ambaliya, injin tantance ƙwayar shinkafa, biyan kuɗi ta waya, cinikin watan azumi, da tsohon janaretan kamfanin. PESTEL tsari ne da ke raba abubuwan da ke shafar kamfani zuwa rukuni shida: siyasa, tattalin arziki, zamantakewa, fasaha, muhalli da doka. Sanya kowanne a rukuninsa, tare da dalili.

Amsa

Ku fara da siyasa, domin a nan ake yawan zubar da maki. Rufe iyakokin tudu da gwamnatin Buhari ta yi a Agustan 2019, har zuwa Disambar 2020, siyasa ce. Gwamnati ce ta zaɓi ta yi hakan, kuma ita ce ta sake buɗewa da ta ga dama. Ga wannan kamfani alheri ne, tunda shinkafar waje ta ragu a kasuwa, masu saye suka koma kan ta gida. Cire tallafin fetur da Shugaba Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023 shi ma siyasa ne. Amma ku lura: sanarwar ce siyasa. Tsadar da ta biyo baya, wadda ta sa manomin Kura yake kashe kuɗi mai yawa kafin ya tayar da injin ban ruwa, ya kuma ɗora a kan buhun shanshera, wannan tattalin arziki ne. Wanda ya rubuta abin a wurare biyu ya nuna wannan bambanci ya ci cikakken maki. Wanda ya kwafe jimla ɗaya sau biyu, maki ɗaya zai samu.

Faɗuwar naira bayan sauya tsarin canji a Yunin 2023 tana ƙarƙashin tattalin arziki, saboda kayan gyaran injuna daga waje ake shigo da su, da dala. Haka ƙarin kuɗin wuta da aka yi wa 'yan Band A, masu samun wuta mafi yawa, a Afrilun 2024, inda kowane yunit, wato kilowat-awa ɗaya, ya kai naira 225. Hukuma ce ta amince da ƙarin, shi ya sa wasunku za su so kai shi siyasa, kuma zan karɓa idan dalilin ya fito fili. Ni dai na fi ganinsa a tattalin arziki, domin ta takardar kamfanin wuta na KEDCO ta ƙarshen wata yake shigowa kamfanin.

Ina iyakar siyasa da doka? Ku tambayi kanku ko akwai hukunci idan kamfanin ya ƙi bi. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, muddin ana ta ja-in-ja tsakanin gwamnati da ƙungiyar ƙwadago, siyasa ne. Tun da aka sa masa hannu a Yulin 2024 ya koma doka. Rajistar NAFDAC ma doka ce kai tsaye: buhun da ba lamba, ana iya kama shi.

Cinikin azumi zamantakewa ne. Attajirai da ƙungiyoyi suna sayen buhuna don rabo, gidaje suna tanadin sallah, sai buƙata ta tashi. Al'ada da addini ne suka haifar da ita, don haka kada a kai ta tattalin arziki don kawai an ga kuɗi a ciki.

Fasaha ba ta da wuya: injin da ke fitar da tsakuwa da baƙar ƙwaya, da biyan kuɗi ta waya wanda ya yaɗu lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Ambaliya, irin ta daminar 2022, muhalli ce, kuma ku faɗi abin da take jawowa: gona ta nutse, shanshera ta yi ƙaranci, injin ya kwana ba aiki. Wanda ya ƙara da batun ɓuntun da ke taruwa tuli a bayan masana'anta yana damun maƙwabta ya yi tunani mai kyau.

Saura janareta. Da gangan aka sa shi. PESTEL na duba abin da ke zuwa daga wajen kamfani ne, wanda manaja ba shi da iko a kansa. Tsufan janareta matsalar cikin gida ce, manaja na iya sauya shi gobe idan akwai kuɗi. Ku rubuta cewa ba ya cikin kowane rukuni, ku faɗi dalili.

Rabon maki: siyasa da tattalin arziki da doka, huɗu-huɗu, zamantakewa da fasaha da muhalli, biyu-biyu, janareta, biyu. A kowane rukuni rabin makin na dalili ne, saboda haka jerin sunaye kaɗai ba zai wuce goma ba.