Amsa ga Hajiya mai gidan abinci a Agege

Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma. Ya kasuwa, ya yara masu aiki? Allah ya ƙara albarka.

Na ga saƙonki, inda kika ce kina da mai kawo miki wake shekara huɗu ke nan, kuma ba ki da ƙorafi a kansa. Madalla. Na gode da kika faɗa mini kai tsaye, ba ki bar ni ina ta sintiri ba. Mutumin da ya riƙe gidan abinci kamar naki shekara huɗu, ana sauke buhu huɗu duk mako ba a taɓa jin kanku ba, ya cancanci a riƙe shi. Ba zan ce ki bar shi ba, ba kuma zan tambaye ki nawa yake ba ki don in sare masa ƙafa ba. An hana mu yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa, kuma gaba ɗayanmu abinci muke nema a Legas ɗin nan.

Abin da nake roƙo ƙarami ne: ki ajiye ni a matsayin na biyu, wanda za a kira ranar da na farko ya samu cikas.

Hajiya, kin fi ni sanin cewa waken da muke sayarwa a kasuwar Mil 12 ba a Legas ake noma shi ba. Daga Dawanau yake tasowa, ko Potiskum, ko Maiduguri, ya kwana biyu ko uku a bayan tirela, ya bi ta Jebba da Ilorin da Ogbomosho da Ibadan kafin ya iso. Abu ɗaya ya taɓa hanyar nan, kowa sai ya ji a jikinsa. A ƙarshen Fabrairun 2021 da masu safarar abinci da shanu suka dakatar da lodi zuwa Kudu, kusan mako guda kaya ba su sauka ba. A watan Mayun 2025 ambaliyar Mokwa ta taɓa hanya, motoci suka yi cirko-cirko. Balle ƙananan abubuwa na yau da gobe: mota ta lalace a daji, ko ɗan kasuwa ya tafi gida Sallah ya yi mako biyu. Babu laifin kowa a ciki. Amma mai cin ƙosai da ƙarfe bakwai na safe ba ruwansa da labarin tirela, in bai samu a wajenki ba sai ya tsallaka titi. Ranar irin wannan kowa neman wake yake yi, kuma wanda aka riga aka sani shi ake fara ba. Shi ya sa ya fi kyau mu san juna tun ana zaune lafiya.

Sanin juna kuwa ba da baki ba ne, da tukunya ne. Ina so in aiko miki da kilo 5 na farin wake na ƙosai da alale, da kilo 5 na oloyin na wake da shinkafa. Kada ki biya sai kin dafa. In bai yi miki ba, ki ce bai yi ba, magana ta ƙare, ba na bin ki bayani, ba na kuma bin ki kuɗi.

Ga yadda nake so a gwada shi, domin gwajin da aka yi da ido kawai yaudara ne. A ɗebi kilo ɗaya daga nawa, kilo ɗaya daga wanda kike amfani da shi, a kan sikeli ɗaya. Kada a auna da derika ko robar fenti. Gwangwani yana lotsewa, roba tana buɗewa, kuma hannun mai awo ma yana da nasa hali, wani ya tula wani ya shafe. A zuba kowanne a tire daban a tsince: tsakuwa, ƙaiƙayi, fasasshe, da mai huji. A tara abin da aka tsince a auna shi. Nawa na yi alkawarin ba zai wuce giram 20 a kilo ba, wato kilo ɗaya a buhu mai kilo 50. In ya wuce, ni na faɗi.

Daga nan a duba ƙwayar da kyau a wajen haske. Huji kowa yana ganinsa, amma abin da ya fi huji haɗari shi ne ɗan farin ɗigon nan da ke manne a bayan wake kamar an yayyafa gari. Ƙwan ƙwaro ne. Waken zai yi kyau a ido ranar da aka sauke shi, amma a zafin Legas cikin wata guda sai ki buɗe buhu ki tarar ƙwaro yana motsi a ciki. In an zuba wake a ruwa, wanda ƙwaro ya cinye cikinsa zai taso sama, a ƙirga su. A kuma ciji ƙwaya biyu ko uku: busasshen wake ƙarau yake fashewa, in ya lotsa a haƙori to da sauran danshi, kuma danshi nauyi ne da kika biya kuɗinsa, sannan shi ke jawo fumfuna.

Sai hanci. A tura hannu tsakiyar buhu, ba sama ba, a ɗebo a shinshina. Wake ba shi da wani wari sai na ƙasa da rana. In aka ji wani abu mai kama da kalanzir ko fiya-fiya, ko da na wane ne, ko da nawa ne, kada a dafa wa mutane. Wannan maganar ba ta ciniki ba ce, ta rai ce. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Mu a buhun nan mai leda biyu a ciki muke ajiya, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu da kansa ba tare da an zuba komai ba. Illarsa ɗaya: da an huda ledar ko an bar bakinta a sake, kariyar ta tafi. Don haka a gaya wa yara kada su soka masa wuƙa ko ƙugiya wajen saukewa.

Na ƙarshe shi ne wuta. A ɗora tukunya biyu masu girma ɗaya, ruwa ɗaya, ba kanwa, a duba agogo. Tsohon wake da ya daɗe a ɗaki mai zafi da danshi taurin kai yake yi, ya sha gas ya ƙi nuna, kuma wannan asarar ba a ganinta a farashin buhu, sai an je cika tukunyar gas. Na ƙosai kuma a jiƙa minti biyar zuwa goma a ga ko bawon yana saɓulewa da sauƙi wajen surfe, a markaɗa, a buga, a ƙirga ƙosai nawa kilo ɗaya ya fitar da cokali ɗaya. Mai suyarki za ta gane bambanci tun kafin a gama ƙirga, daga yadda ƙullun ke tashi da yadda yake shan mai.

Dalilin duk wannan wahalar shi ne farashin buhu ba shi ne farashin wake ba. Bari in ba da misali da lissafi, ba ina nufin mutuminki ba. A ce buhu naira 60,000 ne, an ce kilo 50, amma a sikeli ya ba da 48, aka tsince kilo 2 na datti. Abin da ya shiga tukunya kilo 46 ne, kowane kilo ya tashi kusan naira 1,304. Wani buhun kuma naira 62,000, ya cika 50, dattinsa kilo ɗaya: kilo 49, kowanne kusan naira 1,265. Mai tsadar shi ne mai arha, da bambancin naira 39 a kilo. A gidan da ke cin kilo 200 a mako, kusan naira 7,800 ke nan duk mako. Mai yiwuwa in kin gwada ki tarar na mutuminki ya fi nawa. In haka ne kin ƙara samun natsuwa da shi, kuma ba ki yi asarar komai ba sai awa ɗaya.

Akwai abin da ba zan iya ba, gara in faɗa tun yanzu. Ba na sayar da shinkafa ko mai, wake kaɗai na sani. Ba na ba da bashin wata guda. Saye uku na farko kuɗi hannu ne bayan an auna a gabanki, daga nan zan iya ɗaga ƙafa kwana bakwai. In mai kawo miki yana jiran ki har ƙarshen wata, wannan alheri ne babba, ki saka shi a lissafi, don ni ban kai nan ba. Farashi kuma ba zan ce miki ba ya motsi ba. Yana sauka da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba in sabon wake ya shigo, ya riƙa hawa in damina ta yi nisa. Abin da zan iya shi ne in na faɗi farashi ranar Litinin, ya tsaya har Asabar ko kasuwa ta tashi.

Abin da zan iya kuma: in kin kira kafin la'asar, kaya za su iso Agege washegari kafin ƙarfe bakwai, don motarmu tana barin Mil 12 bayan asuba, kafin Ketu da Ojota su cushe. Ko buhu ɗaya ne za a kawo. Direba yana tafe da sikeli, a rataya kowane buhu a gabanki ko gaban wanda kika wakilta. Buhun da aka buɗe aka ga ƙwaro, ko wari, ko danshi, cikin kwana biyu a kira ni in ɗauke in musanya, kuɗin mota a kaina. Sharaɗi ɗaya ne: a ɗora buhunan a kan katako, a janye su daga bango kamar taƙi ɗaya. Simintin Legas yana tsatso ruwa, musamman da damina, kuma wake mai kyau in ya kwana uku a ƙasa sai na ƙasan ya fara wari. Wannan ko waken wa kika saya, ki sa a yi.

In kin amince, ranar Talata mai zuwa yaronmu zai biyo da kilo goman nan da misalin ƙarfe goma, lokacin da cinikin safe ya lafa. Ki turo mini kalma ɗaya, "a kawo" ko "a bari". In "a bari" ce, ba zan dame ki da kira ba. Zan sake gaishe ki sau ɗaya idan sabon wake ya sauka a watan Nuwamba, lambata kuma tana nan a wayarki ko da tsakar dare mota ta ba ki kunya.

A gaida mutanen gida. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.

Naki,
Musa mai wake, kasuwar Mil 12