Takardar Ajiye Aiki Domin Ƙaro Karatu

Sashen Haihuwa,
Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad,
Kano.
3 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga Shugaban Asibiti,
Ta hannun Shugabar Ma'aikatan Jinya.

Ranka ya daɗe,

SANARWAR AJIYE AIKI

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina mai sanar da kai cikin ladabi cewa zan ajiye aikina na ma'aikaciyar jinya a wannan asibiti. Na ba da wa'adin wata guda daga yau, ranar aikina ta ƙarshe ita ce Laraba, 3 ga Disamba, 2025.

Dalilin kuwa shi ne na samu gurbin karatun digiri a fannin jinya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Karatun na cikakken lokaci ne, ga lacca ga zagayen ɗakunan marasa lafiya, ba zai haɗu da aikin dare da na rana ba. Na gwammace in sauka da mutunci da in riƙe gurbin da ba zan iya sauke haƙƙinsa ba.

Tun shekarar 2019 nake Sashen Haihuwa. Na zo da takardar shaida a hannu, amma a nan na koyi aikin: yadda ake tarar mace da aka kawo tsakar dare jini na zuba, a nemo mata jijiya a sa ruwa kafin likita ya iso, da yadda ake kwantar wa dangi hankali a bakin ƙofa. Ina godiya gare ka, da Shugabar Ma'aikatan Jinya wadda ta riƙe mu kamar 'ya'yanta, da likitoci da ungozoma da masu shara da muka sha kwana tare a tsaye.

Kafin ranar tafiyata zan miƙa littafin lissafin magunguna, da makullin kabad ɗin kayan aiki, da katin shaidata ga shugabar sashe. Sababbin ma'aikatan nan biyu da aka haɗa ni da su kuma zan ci gaba da nuna musu aiki har zuwa ranar, in Allah ya yarda. Jadawalin aikin wannan wata zan cika shi yadda aka tsara.

Ina roƙon a amince da wannan takarda, a kuma ba ni takardar shaidar kammala aiki. Duk wanda na saɓa wa a tsawon zamanmu, da sani ko da kuskure, ina neman afuwarsa.

Allah ya ƙara wa asibitin nan albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Taka mai biyayya,
Hadiza Garba,
Ma'aikaciyar Jinya, Sashen Haihuwa.