Saƙo zuwa ga maƙwabcina Alhaji Bala kan ƙarar dare

Assalamu alaikum, Alhaji Bala. Ya gida, ya iyali, ya kasuwa? Da fatan Hajiya da yara duk suna lafiya. Nasiru ne, maƙwabcinka na gabas.

Na zaɓi in rubuto ne saboda kai da sassafe kake fita Kantin Kwari, ni kuma ina makaranta har la'asar, sannan ba na son in tare ka a ƙofar masallaci da maganar da ta shafi cikin gidajenmu a gaban jama'a. Magana ce tsakanina da kai, kuma na fi so ta tsaya a nan.

Alhaji, ƙarar da ke fitowa daga gidanka da daddare tana hana mu barci. Ina kyautata zaton ba ka san yadda take isowa wajenmu ba, domin ɗakinka yana can ɓangaren yamma, nesa da inda abin yake faruwa. Shi ya sa zan faɗa maka yadda yake daga wannan gefen katangar.

Na farko shi ne janaretan. Tun da aka mayar da shi lungun da ke tsakanin shagon su Abba da katangarmu, ya zama yana ƙarƙashin tagar ɗakin Inna. Bulo ɗaya ne kawai ya raba su. Idan aka tayar da shi, gilashin tagar har rawa yake yi, kwanukan da ke kan kabad ɗinta suna ta kaɗawa. Ina jin salansarsa ta fashe, domin a da ba haka yake kuka ba. Ka san Inna ta haura shekara 70, ga hawan jini, kuma a asibiti kullum abin da ake jaddada mata shi ne ta sha magani a kan lokaci, ta kuma samu isasshen barci. Yanzu sai in leƙa ɗakinta ƙarfe ɗaya na dare in tarar da ita zaune a bakin gado da carbi a hannu, tana jiran a kashe inji. Ba ta taɓa cewa in yi maka magana ba. Da na ce zan yi, cewa ta yi in bari, kada a ɓata zumunci. Ni ne na kasa bari.

Abin da ya fi ƙarar tayar min da hankali shi ne hayaƙin. A wannan zafin na watan Afrilu, da rana takan kai ma'auni 40 a Kano, ba wanda zai iya rufe taga ya kwanta. Hayaƙin janareta kuwa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take shiga jininsa ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Kai ma ka sha jin labarin gidajen da aka wayi gari an rasa mutane ta wannan hanyar. Kuma ba ɗakin Inna kaɗai ba, tagar shagon da Abba da ƙannensa suke kwana ma a lungun nan take. Don haka wannan gyaran na gidajenmu biyu ne.

Na biyu shi ne zaman samarin. Ba ni da matsala da kallon ƙwallo, Allah ya sani. Gara yaro ya zauna a gidan ubansa da abokansa da ya tafi inda ba a san da wa yake ba. Wasannin Turai kuma ko sun daɗe, zuwa ƙarfe 11 an tashi. Matsalar ita ce abin da ke biyo baya. Da an hura usur sai a jona waya da lasifika, a saki kiɗa, a baza ludo, ana musu ana shewa, wani lokaci har ƙarfe biyu. Masu tafiya gida kuma sai sun tsaya a ƙofa suna murza babur kafin su wuce. Maryam tana shirin jarrabawar WAEC da za a fara a watan Mayu, ta saba tashi kafin asuba ta yi karatu, yanzu sai ka gan ta tana gyangyaɗi a kan littafi. Jaririn gidan kuwa da ya firgita, shi ke nan, uwarsa ta kwana jijjiga. Daga ƙarfe biyu zuwa kiran assalatu awa nawa ya rage?

Na san Abba, a gabana ya girma, ni na koya masa lissafi a firamare. Yaro ne mai ladabi, bai taɓa wuce ni bai gaishe ni ba. Ban yi masa magana kai tsaye ba saboda gidanka ne, kai ne da iko da shi, kuma ba na son ya ji kunya a gaban abokansa. Don Allah kada ka yi masa faɗa a kaina. Ka dai zaunar da shi ka nuna masa, zai gane.

Ga abin da nake roƙo. A ɗauke janaretan daga lungun nan a mayar da shi wajen garejin motarka, inda yake a da, a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da tagogi. Kada dai a shigar da shi ɗaki ko zaure don rage ƙara, wannan ya fi haɗari. Idan wayar ce ba za ta kai ba, ina da ragowar wadda na saya lokacin da na haɗa sola, a zo a ɗauka. Akwai kuma mai gyaran inji a bakin titi da yake yi min aiki, zan iya turo shi ya duba salansar. Sannan daga ƙarfe 11 na dare a kashe lasifika gaba ɗaya. Wanda yake son jin waƙa ya sa abin kunne, masu hira su yi ƙasa da murya, masu babur su gangara da shi zuwa bakin layi kafin su tayar. Ban ce a kashe janareta ba, na san yara suna bukatar fanka. Idan kuma biki ne ko suna ko wata hidima, wannan daban, mu ma da mu za a yi.

Ina so a yi wannan kafin Juma'a mai zuwa, musamman ɗauke injin, domin shi ba zan iya jira a kansa ba. Gaskiya ba za mu iya ci gaba da kwana a haka ba. Wasu a layin sun ce a kai maganar wajen mai unguwa, na ce a'a, ban ga dalilin kai ƙarar mutumin da ban riga na gaya wa damuwata ba, balle kai. Ban manta daren da ciwon Inna ya tashi ba, kai ka fito da mota cikin ruwan sama ka kai mu asibiti, ka zauna tare da mu har gari ya waye. Kai ne kuma kake yawan tuna mana hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada. Shi ya ba ni ƙarfin gwiwar faɗa maka kai tsaye, na san gyara kayanka ba zai zama sauke mu raba ba.

Idan akwai abin da yake fitowa daga gidana yana damun ku, ko na yara ko na ruwan kwata, ka faɗa min, zan gyara. Gobe bayan isha'i ina gida. In ka samu sarari ka aiko a kira ni, mu zagaya lungun tare, a tayar da injin ka shiga ɗakin Inna ka ji da kunnenka.

A gaishe da Hajiya da yara. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Nasiru