Kashe Ka Kira

(Shagon ɗinki. Wayar Malam Sani ta yi ƙara.)

MURYA: Daga bankinka ne, ranka ya daɗe. Za a rufe asusunka cikin minti 10. Karanto min lambobi 6 da muka turo yanzu.

SANI: Subhanallahi! Kuɗin ɗinkin mutane ne a ciki. Bakwai, biyu...

HAUWA: (ta dafe wayar) Baba, tsaya! Banki ba ya tambayar wannan lambar. Mabuɗin kuɗinka ce.

SANI: Ai ya san sunana, 'yar nan.

HAUWA: Ɓarawo ma yana sanin suna. Kashe, ka kira lambar da ke bayan katinka.

MURYA: Malam, lokaci na ƙurewa!

SANI: (ya kashe, yana laluben katinsa) Kashe, ka kira. Miƙo min tabarau, Hauwa.