Fuskar Inno

Ƙarfe sha ɗaya na dare ta wuce, Nasiru yana shagonsa da ke Titin Ahmadu Bello, shi kaɗai, janareton maƙwabci yana ta ƙara a bayan gini. Hotuna ɗari huɗu da 'yan kai ya ɗauko a bikin gidan Alhaji Umaru na Runjin Sambo, ya tace su ya ware na albam, saura guda ɗaya da ya tsaya masa a wuya: hoton dangi.

Mutum talatin da ɗaya ne a ciki. Sai da ya yi kusan minti ashirin yana jera su a tsakar gida bayan la'asar, wannan ta ce ba ta tsayawa kusa da waccan, yara suna zillewa, ga iskar hunturu tana watsa ƙura a ido. Amarya Asma'u a tsakiya, kakarta Inno a kan kujerar roba a damanta. Sau uku ya danna. A na farko rabin mutane sun lumshe ido. A na biyu Alhaji ya juya yana tsawata wa wani yaro. Na uku ne kowa ya fito tsaf, sai dai a daidai lokacin iska ta ɗaga mayafin wata gwaggo da ke tsaye a baya, ya faɗo ya rufe fuskar Inno daga goshi har haɓa. Kafin ya ce a sake, tsohuwa ta miƙa hannu a kama ta, ta ce ta gaji, ta shige ɗaki.

Ya duba na farko da na biyu ko zai ɗauko fuskarta daga can. A duka biyun kanta a sunkuye yake, ba a ganin komai sai ɗankwali.

Sai ya koma baya cikin katin, yana bi ɗaya bayan ɗaya, har ya faɗa kan DSC_0288. Ƙarfe 4:10 ya ɗauke shi, minti arba'in da biyu kafin hoton dangi. Inno ce zaune a gindin dogonyaro, wani ɗan jikanta yana kokawa da akuya a kan kwanon tuwo, ita kuwa tana dariya har ana ganin giɓinta. Bai ma tuna ya ɗauka ba.

Aikin ya ci masa awa biyu a Photoshop. Ya yanko fuskar, ya rage mata girma, ya karkata ta kaɗan don ta zauna daidai a kan wuya. Hoton gindin dogonyaro a inuwa aka ɗauke shi, na dangi kuwa rana tana dukansu ta hagu, don haka sai da ya ƙara haske a kunci ɗaya, ya sa inuwa a ƙarƙashin haɓa, ya ɗan ɗumama launin fatar. Ya goge mayafin gwaggo zare bayan zare. Ya tsaya tsayin daka a kan tsagen da ke kumatunta, don ya san idan layi ɗaya ya karkace 'yan gida za su gane. Daga wuya zuwa ƙasa bai taɓa komai ba. Da ya gama ya ja kujera baya ya duba, shi kansa bai ga wurin ɗinkin ba. Ya aika da shi wurin wanki, babba, inci 20 da 30, kamar yadda Alhaji ya nema.

Irin wannan gyara ba baƙo ba ne a sana'ar. Kullum yana buɗe idon wanda ya lumshe, yana goge ƙuraje, yana cire bokitin da aka manta a bayan ango. Babu wanda ya taɓa tambaya, shi ma bai taɓa ganin akwai abin faɗi ba.

Kwana tara bayan biki, da asuba, Inno ta rasu.

Nasiru ya je jana'iza, ya koma ranar uku ya yi gaisuwa. Sai bayan sadakar bakwai ya ɗaure firam ɗin da kwali, ya hau kabu-kabu ya rungume shi har ƙofar gida. Alhaji yana zaure a kan tabarma da tasbaha. Ya kwance kwalin da kansa, ya jingina hoton da bango, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya kira wani yaro ya ce a kira masa Asma'u, wadda ta zo zaman makoki daga gidan mijinta a Mabera.

Tana ganin hoton ta durƙushe. Ta sa yatsa a kan gilashin, daidai fuskar kakarta.

"Baba, dariya takai," ta ce. "Baba ka gani? Ashe ta yahe min."

A nan ne Nasiru ya ji labarin da bai sani ba. Inno ce ta raini Asma'u tun daga yaye. Ita ta so a haɗa ta da ɗan kawunta na Wurno, auren zumunci, yarinya kuwa ta ce Murtala take so, uban ya goyi bayanta. Tun ranar da aka karɓi sadaki tsohuwa ta daina kiran sunanta. Ko ranar kai amarya, da aka kawo ta ban kwana, "Allah shi ba da zaman lahiya" kawai ta ce, ta juya fuska bango. Asma'u ta yi niyyar dawowa ta roƙe ta bayan an kwana biyu, sai mutuwa ta riga ta.

"Allah shi yi ma albarka, Nasiru," Alhaji ya ce. "Ba ka san abin da ka kawo muna ba."

Ya ƙara masa naira dubu biyar a kan cikon kuɗinsa. Nasiru ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya fito. Har ya kai bakin titi bai tsayar da mai mashin ba, da ƙafa ya yi ta tafiya.

Daren nan bai ci tuwo ba. Matarsa Saratu ta matsa masa, ya ba ta labari. Ta ce ita ba ta ga abin damuwa ba. Fuskar Inno ce, dariyar Inno ce, a gidan ne, ranar ce. Yarinya ta samu abin da zai sanyaya mata rai, don me zai je ya ƙwace? Wanda ya mutu ya mutu, mai rai ake tausayi.

Ya ce haka ne. Ya kwanta, barci ya ƙi zuwa.

Abin da ke cinsa shi ne lokacin da ya yi aikin gyara ne kawai, amma tun daga sa'ar da Asma'u ta ɗora yatsa a kan gilashi ya zama shaida, kuma shi ne ya sa tsohuwa ta faɗi abin da bai ji ta faɗa ba. Hoton zai rataya a falo shekara da shekaru. Za a nuna wa 'ya'yan Asma'u a ce ga ranar da Inno ta huce. Ya tuna maigidansa da ya koya masa aiki a Ƙofar Marke, tun zamanin fim da ɗakin duhu, yadda yake hana su ko tsaga hoton da ya lalace sai mai shi ya gani. Sannan ya tuna fuskar Asma'u, ya ji kamar ya bar maganar ta mutu a cikinsa. Kwana uku yana haka. Dubu biyar ɗin nan tana aljihun rigarsa, ya kasa kashe ta.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga Masallacin Shehu, ya biya wurin wanki ya fitar da ƙananan hotuna biyu, ya sa a ambulan, ya nufi Runjin Sambo.

Ya tarar da Alhaji shi kaɗai. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, akwai maganar da ya kamata in hwaɗa muku tun rannan, nauyi ya hana ni."

Ya ajiye hotunan a kan tabarma. Ya yi bayani bai rage komai ba: iska, mayafi, gindin dogonyaro, akuya. Ya ce da ya san abin da ke tsakaninsu da bai yi ba sai ya tambaya. Ya fito da dubu biyar ya ajiye a gefe.

Alhaji ya ɗauki hoton da mayafi ya rufe fuskar uwarsa, ya kai shi kusa da ido, ya mayar. Fuskarsa ta canza.

"Wa ya sani bayan kai?"

"Iyalina kawai."

"To mi ya sa ba ka bari ba? Yarinyar ga sai yanzu ta fara cin abinci."

Nasiru bai da amsar da za ta gamsar, ya sunkuyar da kai. Ya ce shi dai ya kawo wa Alhaji, abin da ya ga ya dace shi za a yi. Idan ya ce a rufe, bakinsa ba zai ƙara furta ta ba.

Alhaji ya daɗe yana jan tasbaha. A cikin gida ana jin ƙarar turmi. Daga ƙarshe ya ɗaga murya ya ce a kira Asma'u.

Ta saurara a tsaye, jikin ƙofa. Ba ta yi kuka ba, wannan ya fi yi wa Nasiru ciwo. Ta karɓi hoton akuya ta duba, bakinta ya ɗan motsa.

"Sadiƙu na," ta ce. "Kullum sai akuyar nan ta ci mai tuwo."

Sannan ta karɓi ɗayan. Ta daɗe a kansa. Ba fuskar da aka rufe take kallo ba, idonta yana can ƙasa, inda hannun Inno mai jijiyoyi da zoben azurfa yake riƙe da gefen zanen ita Asma'u, ya dunƙule shi a tafin hannu.

"Malam Nasiru, wanga hannun fa? Kai ka sa shi?"

Ya matso ya duba. Awa biyu ya yi a kan hoton nan bai lura da shi ba.

"Wallahi ban taɓa shi ba. Daga wuya zuwa ƙasa yadda yake haka yake."

"Ko jiri ta ji ta riƙe," Alhaji ya ce a hankali. "Ranar ba ta da ƙarhi."

"Ko shi," in ji Asma'u.

Ta juya ta kalli babban firam ɗin da ke jingine a bangon zaure, ta sake kallon na hannunta.

"Wancan a bar wa Baba in yana so. Ni wanga za ka wanke min babba, da mayahin da komi. Kar ka gyara."

Ta shige gida da hotunan biyu. Alhaji ya tura dubu biyar ɗin gaban Nasiru da bayan hannu, bai kalle shi ba.

"Ɗauki, ka yi mata aikin. Yaushe za ya fito?"

"Litinin, in Allah ya so."

"To ka kai mata Mabera da kanka. Gobe za ta koma ɗakinta."