Dama Ɗaya Ta Rage

Ƙarfe goma da minti arba'in na daren Juma'a Aminu ya faɗo cikin kafen yana haki, ambulan ɗin takardu a hammata, ƙurar hunturu ta yi masa furfura a gira. Shagon yana bakin titi a Gwammaja, kwamfuta huɗu ne a ciki, amma ɗaya kawai ke kunne, don ƙaramin janaretan ba ya ɗaukar fiye da ita da firinta da ƙwan lantarki guda.

"Nura, na samo ta. Sai bayan isha'i mutumin ya ba ni."

Takardar shaidar ƙaramar hukuma ce, ita kaɗai ta rage. Tun Litinin suka buɗe masa shafi a wurin neman aikin ƙaramin akawu na wata hukuma, suka cike suna da lambar NIN da sakamakon difloma, suka ajiye. Shafin zai rufe sha biyu saura minti ɗaya.

Nura, ɗan shekara sha tara, ya shekara biyu yana buga wa mutane takardu a shagon Malam Sabitu. Bai ɓata lokaci ba. Ya ɗora takardar a sikana, ya zaɓi 150 dpi, baƙi da fari, don shafin ba ya karɓar fayil da ya wuce 200KB, mai kala kuwa a 300 dpi sai ya haura haka nesa. Ta fito 140KB. Hoton fasfo ma ya rage masa girma har ya sauko ƙasa da 50KB.

"Kwantar da hankalinka, mutumina. Minti goma mun gama."

Ya buɗe shafin, ya rubuta imel ɗin Aminu, ya sa lambar sirrin da suka zaɓa tare, wadda ke rubuce a bayan ambulan da biro: Dala1998, sunan dutsen unguwarsu da shekarar haihuwar Aminu. Ya danna Enter.

Jan rubutu ya fito. Ba daidai ba. Kafin ya ɗaga ido, rubutun ya ƙifta ya sake fitowa, ya kuma ƙiftawa. Enter ta shige ciki ba ta dawo ba, kwamfutar kuma tana ɗauka mutum ne ke ta dannawa. Nura ya kai hannu baya ya fizge wayar kibod daga ramin USB. A ƙasan jan rubutun an ce saura dama biyu daga cikin biyar, bayan su za a kulle shafin na awa ɗaya.

Agogon kwamfuta ya nuna 11:04. Kullewar awa ɗaya daga yanzu ta wuce sha biyu.

"Innalillahi. Me ka yi, Nura?"

Nura ya san abin da ya yi. Mako biyu da suka wuce, da sassafe, kofin shayin da ya karɓo wurin Baba Idi ya tuntsure a gefen dama na kibod ɗin, shayi mai kauri, madara da sukari cokali uku. Ya kife kibod ɗin, ya goge da tsumma, ya shanya shi, ya ci gaba da aiki. Bai faɗa wa oga ba, don ya san daga albashinsa za a cire kuɗin sabo. Ruwan ya bushe, sukarin ya zauna a ramukan da ƙafafun maɓallai ke hawa da sauka, ƙura ta bi ta manne, suka zama danƙo. 'Yar robar da ke ƙarƙashin kowane maɓalli, wadda ke turo shi sama, ba ta da ƙarfin da za ta ɓamɓare shi. Da rana, in shago ya ɗumama, abin yakan saki. Da sanyin safiya da na dare ne yake kamawa.

"Kibod ne. Bari mu bi ta wata hanya."

Sauran kibod uku suna ɗakin ciki tare da kwamfutocinsu, oga ya kulle ya tafi da makulli tun magariba. Nura ya kama maus, ya shiga saitin Windows ya kunna kibod na kan allo, wanda ake dannawa harafi harafi. Kafin ya taɓa lambar sirrin, ya buɗe wani shafin ya nemi a turo saƙon sauya ta. Suka zuba wa wayar Aminu ido. Minti uku, minti biyar, ba abin da ya shigo, har akwatin tarkacen saƙonni sun leƙa. Daren rufewa ne, dubban mutane na kan shafin.

"Kai dai sake bugawa," in ji Aminu. "Wataƙila hannunka ne ya kuskure da farko."

Nura ya buga da maus, a hankali, Aminu na karanta masa daga ambulan. Babban D, a, l, a, ɗaya, tara, tara, takwas. Jan rubutu. Saura dama ɗaya.

Aminu ya zauna a benci ya dafe kai. Bai yi faɗa ba, shirun nasa kuwa ya fi faɗa zafi. Nura ya san wannan aikin shi ne na farko da Aminu ya cika duk sharuɗɗansa tun da ya gama makaranta, ya san Inna ce ta ba shi kuɗin mota da na takardar daga cinikin ƙosai, don ya sha cin ƙosan nan kyauta tun suna firamare.

Baba Idi ya leƙo, ya zo karɓar kofunansa. "Yara, lafiya kuka yi tsuru-tsuru?"

"Lafiya lau, Baba. Aiki ne ya ɗan cije."

Kofin da ke hannun tsohon ne ya tsaya wa Nura a ido. Ranar Litinin da ƙarfe bakwai da rabi na safe suka buɗe shafin, ana hazo. Ya tuna bayan tafiyar Aminu wata mata ta kawo wasiƙa, ya fara bugawa, layin farko duk ya fito da manyan baƙaƙe, sai da ya sa farce ya ɗago Shift ta dama. Tun ranar bai ƙara taɓa ta ba, ta hagu yake amfani da ita. Ta hagun ya danna ɗazu.

Ya mayar da wayar kibod ramin USB, ya ɗago Enter da bakin makulli, ya buɗe Notepad inda rubutu ke fitowa fili, ba ɗige-ɗige ba. Ya danna Shift ta dama da ɗan yatsansa kamar yadda hannunsa ya saba a da, ya buga D, ya saki, ya buga sauran. Abin da ya fito ke nan:

```
DALA!((*
```

"Aminu, zo ka gani."

"Wannan kuma wane yare ne?"

"Lambar sirrinka ce. Ranar Litinin na danna Shift don babban D, ba ta dawo ba. Haruffa suka zama manya, lambobi suka zama alamomin da ke samansu. Ɗaya ta zama alamar motsin rai, tara ta zama baka, takwas ta zama tauraro. Mu kuwa ɗige kawai muke gani."

"In kuma ta saki a tsakiya fa? Dama ɗaya ce, Nura."

Tambayar tana kan hanya, Nura bai yi gaggawar amsa ba. Ya ɗago maɓallin ya sake gwadawa sau biyu yana ƙirge. Sau ɗaya ta daɗe kusan rabin minti kafin ta tashi da kanta, sau ɗaya sai da ya ɗaga ta.

"Sau biyu ake bugawa ranar buɗewa, akwati na sama da na tabbatarwa, sai sun zo ɗaya ake karɓa. Da ta saki a tsakiya, da sun bambanta, da shafin ya ƙi. Ya karɓa. Ko dai lafiyarta lau duka biyun, ko a maƙale take duka biyun. Ta farkon mun gwada ta."

11:26. Shafin bai yarda a kwafo a manna ba, dole a buga. Nura ya sake cire kibod ɗin don kada Enter ta kuma yin ɓarna, ya koma na kan allo. Bai danna Caps Lock ba, ita haruffa kawai take girmamawa, ba ta taɓa lambobi. Shift ta kan allo kuma harafi ɗaya take riƙewa ta saki, saboda haka sau takwas ya danna ta, sau ɗaya kafin kowane harafi da kowace lamba. Ya ƙirga ɗigen da bakin biro, takwas cif.

"Yi bismilla," in ji Baba Idi, wanda har yanzu yake tsaye a ƙofa da kofuna.

Da'irar ta yi ta juyi. Sai ga sunan Aminu a saman allo, da fam ɗin da suka bari ranar Litinin.

Ba wanda ya yi murna tukuna. Hoton ya hau nan take, takardar ƙaramar hukuma ta tsaya a rabi ta faɗi. Nura ya kashe intanet ɗin shagon, ya jona kwamfutar da datar wayarsa, ya sake ɗorawa, ta hau. Akwai akwatin taƙaitaccen bayani a kan ƙwarewa, jimla biyu, su ma da maus ya buga su, harafi bayan harafi, Aminu na faɗa yana dannawa. Janareta ya yi tari sau ɗaya, dukansu suka waiga, ya ci gaba. Suka bi lambar NIN da ido, sha ɗaya, daidai da katin. 11:51 aka turo lambar shaidar karɓa. Nura ya ajiye ta a PDF kafin komai, sannan ya fitar da kwafi biyu.

Aminu ya riƙe takardar da hannu biyu, ya karanta sunansa sau biyu. Ya zaro kuɗi.

"Mayar da abinka," in ji Nura. "Gobe in saƙon can ya iso mu sauya lambar, ni zan buga kai ka duba a fili. Ka gaida Inna, ka ce mata ya shiga."

Da ya tafi, Nura ya roƙi Baba Idi ruwan ɗumi rabin kofi, wanda ba a sa wa komai ba. Ya ɗauki hoton kibod ɗin da waya don kada jerin ya rikice masa, ya sa ƙaramar sukudireba a gefen Enter ya ɓanɓaro ta, sannan Shift ta dama, yana lallaɓa siririn ƙarfen da ke riƙe dogayen maɓallai don kada ƙugiyoyinsa su karye. Maɓallai tara ya cire a wannan kusurwa. Ƙarƙashinsu baƙin danƙo ne da gashi da ɓawon gyaɗa. Ya jefa su cikin kofin, ya naɗa auduga a tsinken ashana, ya jiƙa ta kaɗan ya matse, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Akwai kwalbar sifirit a kan kanta, amma sukari a ruwa yake narkewa, sifirit sai daga baya don wurin ya bushe da wuri.

Ya jera maɓallan a kan tsohuwar jarida, ya kife kibod ɗin a gefensu, ba zai jona shi ba sai gobe da azahar. Ya yagi takarda ya rubuta: "Oga, kibod na ɗaya ni na zubar masa da shayi mako biyu da suka wuce. Na wanke. In bai gyaru ba a cire a kuɗina." Ya danne ta da maus, ya fita ya kashe janareta.