Saƙar Abinci: Bitar Nazarce-nazarce kan Tsari, Kaurin Saƙa, Matsayi da Ginshiƙan Halittu

Tun 1927 Charles Elton ya lura cewa sarƙar wa-ke-cin-wa ba ta cika wuce gaɓa huɗu ko biyar ba. A 1942 Raymond Lindeman ya bi sawun kuzari daga tsirrai zuwa masu cin nama a tafkin Cedar Bog na Minnesota, ya nuna yadda yake raguwa a kowane hawa. Sai dai halittu ba sa tsayawa a layi ɗaya. Sarƙoƙin suna shiga juna kamar zaren saƙa. Wannan bita ta duba ma'aunai uku da ake fahimtar saƙar da su.

Na farko shi ne kaurin saƙa, wato C = L/S², inda S ke nufin yawan jinsuna, L kuma yawan alaƙar ci. Jinsi 20 masu alaƙa 40 za su ba da 0.1, kuma saƙoƙi da dama da aka auna a tsanake ba su yi nisa da wannan ba. A da ana ɗauka cewa yawan alaƙa ne ke sa muhalli ya daure wa girgiza. A 1972 Robert May ya nuna da lissafi cewa idan alaƙar ba ta bin wani tsari, ƙaruwarta rauni take kawowa. Matsalar ma'aunin dai a fili take: wanda ya tara duk ƙwari a rukuni ɗaya da wanda ya rarrabe su jinsi-jinsi ba za su samu C ɗaya ba, ko da tafki ɗaya suka shiga.

Na biyu, matsayi a tsanin ci, inda tsirrai ke hawa na 1, masu cin su na 2, masu cin waɗannan kuma na 3, ya fi sauƙin sha'ani yanzu. Naitirojin-15, wani nau'in sinadarin naitirojin da ake aunawa a jikin halittu, na ƙaruwa da kusan 3.4‰, wato kashi 3.4 cikin dubu, a kowane hawa, adadin da David Post ya ƙarfafa a 2002, don haka kifin da ke cin tsiro da ƙwari a haɗe yana iya zama a 2.5, ba dole sai 2 ko 3 ba.

Na uku, batun ginshiƙi, wato jinsin da cire shi ke sauya dukkan saƙar, shi ne ya fi jan hankalinmu. Robert Paine ya riƙa ɓamɓare tauraron teku, Pisaster ochraceus, daga duwatsun gaɓar jihar Washington yana jefarwa. Ƙumban teku da yake ci suka mamaye wurin, jinsuna suka ragu daga 15 zuwa 8, kamar yadda ya wallafa a 1966. Bayan nan aka yi ta laƙaba sunan ginshiƙi ga kowace dabba mai farin jini, har Mary Power da abokan aikinta suka taƙaita shi a 1996 ga jinsin da tasirinsa ya zarce yawansa nesa ba kusa ba.

A nan ma'aunan suka raba hanya. A lissafin C, alaƙar tauraron da ƙumba ɗaya ce tak, daidai da ta abin da yake ci sau ɗaya a shekara. A ganinmu, nazari na gaba ya kamata ya auna nauyin kowace alaƙa, ya kuma shigar da ƙwayoyin da ke rayuwa a jikin wasu halittu, waɗanda tsofaffin zane-zane suka bari a waje.